Kuɗin Ƙananan Hidimomi a Ofis: Akwati, Bauca da Ƙidaya

Kuɗin ƙananan hidimomi su ne tsabar kuɗin da ofis ke ajiyewa a hannu don biyan abubuwan da ba su kai a rubuta musu ceki ko a bi ta banki ba. Man janareta idan wuta ta ɗauke da rana tsaka, kuɗin adaidaita sahu na masinja, ruwan sha, kwan lantarki, ladan mai gyaran famfo, duk daga nan ake biyansu. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙarami ne, shi ya sa ba a cika sa musu ido ba, shi ya sa kuma a ƙananan ofisoshi da yawa ta nan ne kuɗi suka fi zirarewa. Ba lallai sai da ɓarawo ba. Mantuwa, rashin canji da kunyar tambayar babba sun isa su cinye dubban nairori a wata ba tare da kowa ya iya cewa ga inda suka shiga ba.

Hanyar da akantoci suka daɗe da amincewa da ita wajen tsare waɗannan kuɗi ita ce tsarin tsayayyen adadi, wanda ma'aikatan gwamnati suka fi sani da imfires. Ana yanke wani adadi guda, a damƙa shi ga mutum ɗaya, a ce wannan shi ne uwar kuɗin akwati. Duk abin da ya fita daga akwatin, takarda ce za ta shiga ta zauna a gurbinsa. Saboda haka a kowace sa'a aka buɗe akwatin, tsabar kuɗin da ke ciki da takardun da ke ciki, idan aka haɗa su, dole su ba da wannan adadi da aka yanke tun farko. Idan lokacin cikawa ya yi, ba a ƙara wa mai akwati abin da aka ga dama. Ana mayar masa daidai abin da takardunsa suka nuna ya kashe, akwatin ya koma yadda yake. Duk sauran ƙa'idojin tsarin daga wannan magana guda suka fito.

Yanke adadi da iyakoki

Ana fara wa da duba abin da ofis ya saba kashewa, ba da kintace ba. A ɗauki misalin wani ƙaramin ofis mai ma'aikata shida a Kano. Manaja ya tattara abin da aka kashe a ƙananan hidimomi cikin watanni uku da suka wuce, ya ga yana kai kimanin naira 160,000 a wata. Ofishin yana son a riƙa cika akwati kowane mako biyu, wato ana buƙatar kusan naira 80,000 a kowane zango. Aka ɗora ɗan rara saboda ranar da buƙata za ta zo a haɗe, aka tsayar da uwar kuɗin a naira 100,000.

Girman adadin yana da muhimmanci ta fuska biyu. Idan ya yi kaɗan, akwati zai riƙa ƙarewa kafin lokaci, ma'aikata su koma biya daga aljihunsu suna bin ofis bashi, lissafi ya rabu gida biyu. Idan ya yi yawa, kuɗi za su kwanta a akwati makonni ba a taɓa su ba, kuma kuɗin da ke kwance su ne ake ara. Mai akwati ya san ba za a neme su ba sai ƙarshen wata, abokin aikinsa ma ya sani, sai a fara da rancen kwana biyu. Daga cikin kurakuran biyu, yawan kuɗi shi ne ya fi haɗari, domin ƙarancinsu yakan bayyana kansa nan da nan, shi kuwa yawa shiru yake yi.

Bayan uwar kuɗi, sai a yanke iyakar abin da za a iya biya a lokaci guda. A ofishin misalin nan an sa naira 15,000. Duk abin da ya haura haka ta banki za a biya shi, da izinin mai ofis. Ana kuma rubuta abubuwan da ba a taɓa biya daga akwati komai ƙanƙantarsu: albashi ko wani ɓangare nasa, rance ga ma'aikaci, da hidimar gidan kowa, har da ta mai ofis. Waɗannan dokoki ba su wuce shafi ɗaya ba. A rubuta su, mai ofis ya sa hannu, a manna kwafi ɗaya a cikin murfin akwatin. Amfanin takardar nan ga mai akwati ya fi amfaninta ga kowa, domin ita ce garkuwarsa ranar da wanda ya girme shi ya zo da buƙatar da ba ta kan hanya.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ƙananan ofisoshi suka fi karyawa, wato haɗa kuɗin shiga da kuɗin akwati. Wani ya zo ya biya kuɗin fom ko kuɗin wani aiki, sai a jefa su cikin akwatin ƙananan hidimomi tunda shi ne a kusa, gobe a sayi mai daga ciki. Da zarar an yi haka, adadin da ya kamata a samu a akwati ya daina zama sananne, kuma ƙidaya ba ta da sauran abin da za ta gwada. Kuɗin shiga suna da nasu rasit da nasu wurin ajiya, kuma banki ake kai su ɗungurungum. Akwatin ƙananan hidimomi ƙofar shigarsa ɗaya ce tak, ita ce cikawar da ofis ke yi masa.

Mai riƙe akwati da mai ba da izini

Mutum ɗaya ne ke riƙe makulli. Yana iya zama kashiya, ko sakatariya, ko akawu, amma sunansa a rubuce yake, kuma ranar da aka damƙa masa kuɗin ya ƙirga a gaban shaida ya sa hannu. Akwatin ƙarfe mai makulli ya wadatar, a riƙa kulle shi cikin durowa ko kabad idan an tashi. Makulli na biyu a sa shi a ambulan, a liƙe, mutum biyu su sa hannu a bakin liƙin, a ajiye a wurin mai ofis. Idan mutum uku na iya buɗe akwati, to ranar da kuɗi suka ɓace babu wanda za a tambaya, kuma zargi zai faɗa kan duka ukun.

Wanda ke riƙe kuɗi ba shi ne ke ba da izinin kashe su ba, kuma ba shi ne ke binciken kansa ba. A babban kamfani waɗannan ayyuka uku ne na mutane uku. A ofis mai mutum shida, sau da yawa manaja ne ke ba da izini kuma shi ne ke ƙidaya, wannan ba laifi, muddin dai makulli ba ya hannunsa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a tara duka ukun a hannu ɗaya, ko da kuwa mutumin nan an shaide shi da amana. Raba aikin ba tuhuma ba ce. Mai gaskiya ma yana yin kuskuren lissafi, kuma idan babu wanda ke dubawa tare da shi, babu wanda zai wanke shi ranar da magana ta taso.

Idan mai akwati zai tafi hutu ko ya kwanta rashin lafiya, ba a miƙa makulli haka kawai. Ana ƙirga kuɗi da takardu a gaban mai karɓa, su biyun su sa hannu a kan abin da aka samu, haka kuma za a sake yi ranar da ya dawo.

Bauca

Bauca ita ce takardar da ke zama a gurbin kuɗin da suka fita. Ana sayar da littafinta a shagunan kayan rubutu, ana kuma iya ba maɗaba'a ta buga da sunan ofis. Abin da ba a sassautawa a kansa shi ne lamba: kowace bauca ta zo da lambarta a buge, a jere, tun kafin a fara amfani da littafin. Lambar da aka rubuta da hannu ba ta tsare komai, domin ana iya yage takarda a sake rubuta wata da lamba ɗaya. Idan aka yi kuskure wajen cika bauca, ba a yage ta. Ana ja mata layi biyu, a rubuta "an soke", a bar ta cikin jerin. Ta haka duk lambar da ta ɓace daga jeri tambaya ce da ke neman amsa.

A jikin baucar akwai kwanan wata, sunan wanda aka ba kuɗi, abin da aka saya, da adadin kuɗin a lamba da kuma a kalmomi. Rubuta adadi a kalmomi yana da dalili: naira 1,500 na iya komawa 7,500 da ɗan jan alƙalami guda, amma "dubu ɗaya da ɗari biyar" ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Da biro ake cikawa, ba da fensir ba. Sai sa hannu uku: na mai ba da izini, na mai biya, da na mai karɓa. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Wurin bayanin abin da aka saya shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. "Sufuri" ba bayani ba ne, haka ma "kayan ofis". Bayani shi ne a ce adaidaita daga ofis zuwa banki da dawowa, don kai ceki, ko a ce man janareta lita kaza. Wanda zai duba takardar bayan wata shida ba ya nan ranar da aka yi abin, da abin da aka rubuta kaɗai zai yi aiki.

Bauca ba ta maye gurbin rasit. Bauca shaidar ofis ce cewa an ba da izini kuma an biya, rasit kuwa shaidar mai sayarwa ce cewa ya karɓa. Ana haɗa su da ƙusar takarda. Rasit ɗin da ƙananan na'urori ke fitarwa a gidajen mai da manyan shaguna yana dusashewa, musamman a zafi, har ya koma farar takarda cikin 'yan watanni, don haka yana da kyau a yi masa fotokwafi ko a kwafe lambarsa da adadinsa a bayan baucar.

A nan ne tsarin ke cin karo da yadda kasuwa take. Mai adaidaita ba ya ba da rasit, haka mai ruwa, haka mai sayar da tsintsiya a bakin kasuwa. Ofishin da ya ce sai da rasit ko ta halin ƙaƙa, ƙarshenta ma'aikatansa za su koyi samo rasit na bogi, wanda ya fi rashin rasit muni. Abin da ya fi dacewa shi ne a yarda da rashinsa a wasu abubuwa da aka ambata da suna, a sa musu iyaka ƙarama, a kuma nemi wata shaidar. Ga sufuri, a yi jadawalin kuɗin wuraren da aka saba zuwa, a riƙa sabunta shi idan farashi ya motsa. Ga kayan kasuwa, wanda ya sayo ya jera su ɗaya bayan ɗaya da farashinsu a bayan bauca, wani ma'aikaci daban ya ga kayan da idonsa ya sa hannu. Ga mai gyara, shi da kansa ya sa hannu a matsayin mai karɓa.

Kuɗin da suka fita kafin a san farashi

Sau da yawa ana aiken mutum da kuɗi alhali ba a san nawa abin zai ci ba. Wannan ita ce ƙofar da ta fi kowace faɗi. An ba masinja naira 10,000 ya je a cika tawadar firinta, kuɗi sun bar akwati, bauca kuwa ba za ta cika ba sai ya dawo. A tsakanin nan akwatin ba shi da shaida. Maganin shi ne ƙaramar takardar riƙo: mai karɓa ya rubuta cewa ya karɓi kaza don kaza a rana kaza, ya sa hannu, mai izini ma ya sa, a ajiye ta cikin akwati tamkar kuɗi. Idan ya dawo da rasit da canji, sai a cika bauca da ainihin abin da aka kashe, a mayar masa da takardarsa ko a soke ta a gabansa. Ana sa wa wannan wa'adi, kwana ɗaya ko biyu na aiki, kuma wanda bai sauke na farko ba ba a ba shi na biyu.

Mafi wuyar takardun riƙo ita ce ta mai ofis kansa. Yakan leƙo a gurguje ya ce a ba shi dubu biyar zai mayar, ma'aikaci kuwa ba ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, sai ka sa hannu." Bayan mako biyu mai ofis ya manta, giɓin kuma yana wuyan ma'aikaci. Babu dokar da za ta gyara wannan sai mai ofis ya zama shi ne na farkon sa hannu a duk lokacin da ya karɓa, a gaban kowa. Inda ya yi haka sau biyu ko uku, sauran ma'aikata ba sa ƙara jin nauyin takardar. Inda ya ƙi, tsarin ya mutu tun ranar, ko da littattafai sun ci gaba da cika.

Littafin akwati da ƙidaya

Kowace bauca ana shigar da ita littafin akwati ranar da aka biya ta, bi da bi bisa lambobinta. Littafin yana da gurbin kwanan wata, lambar bauca, bayani, jimilla, da saura, sannan wasu gurabe na rabe-raben kashewa kamar mai, sufuri, kayan rubutu da gyare-gyare. Littafi mai ɗinki ya fi takardu warwatse. Ana iya yin sa a kwamfuta, amma baucocin takarda da sa hannunsu suna nan daram.

Ƙidaya iri biyu ce. Mai akwati yana yin tasa kullum kafin a tashi, aikin minti biyar ne, kuma kuskuren yau ya fi saurin tunuwa yau. Ta biyu ita ce ta mutum na daban, wadda ake yi a kowace cikawa, sannan a ƙara da ta ba-zata lokaci zuwa lokaci. Ta ba-zata ita ce ke kama rance a ɓoye, domin wanda ya san ranar Juma'a ake ƙirga zai iya aro kuɗi ranar Alhamis ya cike gurbi, ya mayar da su ranar Litinin. Ana yin ƙidaya a gaban mai akwati, ba a bayan idonsa ba, kuma ana fara wa da ƙirga tsabar kuɗi kafin a buɗe littafi, don kada abin da ake tsammani ya ja hannun mai ƙirga.

Ga yadda ta kasance a ofishin misalin nan a ƙarshen wani zango. Manaja ya zauna da kashiya, aka zazzage akwati, aka ware kuɗin bisa nau'insu. 'Yan dubu-dubu guda 15, 'yan ɗari biyar guda 10, 'yan ɗari biyu guda 6, 'yan ɗari guda 5, 'yan hamsin guda 3. Aka rubuta kowane a takardar ƙidaya, jimilla ta ba da naira 21,850. A cikin akwatin akwai takardar riƙo ɗaya ta naira 10,000, ta masinjan da aka aika da safen nan. Littafi kuwa ya nuna an kashe naira 70,350. Idan aka cire wannan da kuɗin riƙon daga naira 100,000, ya kamata a samu naira 19,650. An samu 21,850. Rarar naira 2,200 ke nan.

A wurare da yawa a nan ake rufe littafi da murna, tunda kuɗi ba su ragu ba. Kuskure ne. Akwati ba ya haihuwa, rara tana nufin akwai abin da aka rubuta ba daidai ba, ko wanda aka rubuta an biya alhali ba a biya shi ba, ko kuɗin wani wuri da suka shigo. Manajan ya ajiye littafi gefe, ya ɗauki baucocin kansu, daga lamba 041 zuwa 052. Ya fara tabbatar da jerin ya cika, ya ga 048 an soke ta kuma tana nan. Ya tara sauran goma sha ɗayan ɗaya bayan ɗaya, suka ba da naira 67,650. Tsakanin wannan da abin da littafi ya ce akwai naira 2,700.

Akantoci suna da wata tsohuwar dabara a irin wannan wuri. Idan bambanci ya rabu da tara ba saura, to akwai yiwuwar an juya lambobi biyu wajen kwafa. Naira 2,700 ta rabu da tara, ta ba da 300. Da aka bi layi-layi, sai ga ta a bauca 042: ruwan sha na naira 3,600, an shigar da shi littafi a matsayin 6,300. Aka ja wa kuskuren layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, aka rubuta daidai a samansa, su biyun suka sa hannu a gefe. Ba a shafewa, ba a kankarewa.

Gyaran ya canza hoton gaba ɗaya. Yanzu abin da ya kamata a samu a akwati shi ne naira 22,350, abin da ke ciki kuwa 21,850. Rarar da aka gani da farko ashe giɓin naira 500 ta lulluɓe. Giɓi mai cikakken adadi irin wannan, wanda ya yi daidai da takardar kuɗi guda, yawanci maganar canji ce ko kuskuren ƙirga. Aka sake ƙirga, bai canza ba. Sai aka nemi baucocin da adadinsu ke buƙatar canji, aka tsaya a kan 045, gyaran famfo na naira 6,500. Kashiya ta tuna cewa ranar mai gadi ta miƙa wa dubu bakwai ya kai wa mai gyara, a kan zai dawo da ɗari biyar, aiki ya sha kanta ba ta bi sawu ba. Aka kira mai gadi, ya ce kuɗin na wurinsa, ya kawo. Da a ce sai bayan wata uku aka yi wannan ƙidaya, da babu mai tuna ranar, kuma da kurakuran biyu sun shige cikin wasu goma.

Ba kowane giɓi ne ake gano tushensa ba. Wanda ya gagara ana rubuta shi da sunansa a wani gurbi na giɓi da rara, manaja ya sa hannu, ba a ƙirƙiro masa baucar ƙarya don lissafi ya daidaita. Ba kuma a barin mai akwati ya cike daga aljihunsa a ɓoye, domin wanda ya saba cikewa a ɓoye zai ga rara ma tasa ce. Ofis ya yanke tun farko, a rubuce, wane giɓi ne zai ɗauke wa mai akwati, wane ne kuma za a bincika. Naira hamsin sau ɗaya ba komai ba ce. Naira ɗari biyar kowane mako, kullum ta ɓangaren ragi, magana ce.

Cika akwati

Bayan an daidaita, sai a nemi cikawa. Adadin da za a fitar daga banki shi ne naira 67,650, jimillar baucoci, ba a zagaye shi zuwa dubu saba'in ba. Idan ya shiga akwati ya haɗu da 22,350, tsabar kuɗi ta zama 90,000, takardar riƙon masinja ta cike sauran 10,000. Ba a cika gurbin takardar riƙo, domin ba a kashe kuɗin ba tukuna. A babban littafin ofis kuwa sai a rarraba kashewar bisa gurabenta, misali mai naira 28,000, sufuri 3,500, haka har jimilla ta cika. Wannan rarrabawa ita ce ke nuna wa mai ofis abin da bauca guda ba ta nunawa. Idan kuɗin mai ya ninka a zangon da wuta ta wadata, akwai abin tambaya.

Kafin a ajiye baucocin, ana buga wa kowace bauca da kowane rasit hatimin "AN BIYA" da kwanan wata. Rasit ɗin da ba a buga wa hatimi ba yana iya dawowa wata mai zuwa a jikin sabuwar bauca. Mai dubawa yana kuma lura da wasu alamu yayin da yake bin takardun. Akwai sayayya ɗaya da aka raba gida biyu a rana guda don a tsere wa iyakar naira 15,000. Akwai rasit biyu daga shago ɗaya, makonni tsakaninsu, amma lambobinsu na bin juna, alamar littafin rasit ɗin ba a shago yake ba. Akwai rasit daga shaguna daban-daban da rubutun hannu iri ɗaya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce ita kaɗai, dalili ne na a tambaya.

Yadda ake ciro kuɗin ma yana cikin tsarin. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin 200, 500 da 1,000, ofisoshi da yawa sun saba da tura kuɗin cikawa asusun ma'aikaci, shi kuma ya ciro a wurin masu na'urar cire kuɗi na bakin titi, ko ya riƙa biya ta wayarsa. Wannan yana cakuɗa kuɗin ofis da na mutum a wurin da manaja ba shi da ikon ƙirgawa. Inda ya zama dole a bi ta asusun ma'aikaci, a ciro kuɗin duka a ranar, a ƙirga su cikin akwati, ladan mai na'urar kuma a yi masa tasa baucar. Inda ofis ya fi son biya ta waya, ya buɗe asusu na musamman da sunansa don wannan kaɗai, a bi da shi kamar akwati: bauca ga kowane biya, bayanin asusun daga banki kuma ya tsaya a matsayin ƙidayar tsabar kuɗi.

Uwar kuɗin ba ta dawwama a adadi ɗaya. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, akwatin da a da yake kai mako biyu ya koma ƙarewa cikin 'yan kwanaki a ofisoshin da ke dogara da janareta. Alamar cewa adadi ya yi kaɗan ita ce a riƙa neman cikawa kafin lokaci sau da yawa a jere, alamar ya yi yawa kuma ita ce a kai ƙarshen zango fiye da rabi na nan ba a taɓa ba. Ƙari ko ragi ana yin sa ne a rubuce, da sa hannun mai ofis, ba a cusa shi cikin kuɗin cikawa. A ƙarshen shekarar kuɗi ana sauke duk takardun riƙo, a ƙirga akwati a ranar ƙarshe, a shigar da dukkan baucoci cikin lissafin shekarar da aka kashe su. A ma'aikatun gwamnatin tarayya ƙa'ida ita ce a sauke imfires gaba ɗaya kafin shekara ta rufe a 31 ga Disamba, a karɓi sabo a sabuwar shekara. Ƙaramin ofis mai zaman kansa yana iya barin kuɗin a akwati, ya ajiye takardar ƙidayar ranar mai ɗauke da sa hannun mutum biyu tare da ɗaurin baucocin shekarar, domin ita ce odita zai fara nema idan ya zo.